Yadda Ake Saita Magogin Hoto Don Gefe Ya Fita da Tsabta

Yawancin hotunan da muke gani a jikin fastocin 'yan takara, da katunan ɗaurin aure, da kalandar da ake rabawa a wajen biki, ba a wurin da suka bayyana aka ɗauke su ba. An ɗauki mutum ne a tsakar gida ko a shagon mai hoto, sannan mai zane ya cire shi daga bangon da ke bayansa ya ɗora shi a kan wani launi dabam. Idan aikin ya yi kyau, ba wanda zai lura an yi shi. Idan bai yi ba, ko wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai ga alamar: farin hazo ya kewaye hula, ko kafaɗa ta fito tsini-tsini, ko kuma wani dishi-dishin tsohon bango ya maƙale a gefen kunne.

Kusan duk waɗannan aibobi daga abu ɗaya suke fitowa, wato yadda aka saita magogin da aka share bangon da shi. A manhajar Photoshop, sunan magogin Eraser Tool, kuma harafin E ne ke kiransa. Lambobi uku ne ke juya halinsa: Hardness da Opacity da Flow. Masu koyo sukan ɗauka duk ukun aiki ɗaya suke yi, wato rage ƙarfin sharewa, don haka sai su taɓa duk wadda hannunsu ya fara kaiwa. Alhali ɗaya ce kawai daga cikinsu ke da ruwa da laushin gefe. Sauran biyun, in dai gefe mai tsabta ake nema, barinsu a kan 100 shi ne daidai.

Kafin a ga dalili, sai an san abin da sharewa take nufi a wajen kwamfuta. Hoto tarin ƙananan ɗigogi ne masu kusurwa huɗu da ake kira fiksel. Kowane fiksel yana da launinsa, kuma a kan falle na hoto, wanda masu sana'ar ke kira leya, yana da wata lamba ta daban da ke faɗin yadda ake ganinsa. Lambar tana tafiya daga 0 zuwa 255. Idan 255 ce, fiksel ɗin a cike yake, ya rufe duk abin da ke ƙarƙashinsa. Idan 0 ce, ya ɓace gaba ɗaya. Tsakanin biyun kuwa ana hango abin da ke ƙasa ta cikinsa. Aikin magogi shi ne rage wannan lamba, ba wani abu ba. Gefe mai tsabta kuma shi ne wanda lambar ta sauko daga 255 zuwa 0 cikin 'yan fiksel kaɗan, kuma ta kai 0 ɗin da gaske, ba ta tsaya a 20 ko 30 ba.

Akwai sharaɗi a nan da ke kayar da mutane tun kafin su fara. Hoton da aka buɗe daga waya yana zuwa a matsayin leya mai suna Background, da alamar kwaɗo a gefenta. Irin wannan leya ba ta da waccan lamba, don haka magogi ba ya share komai a kanta, shafa mata launin baya kawai yake yi, wanda galibi fari ne. Mutum zai ga fari ya ɗauka ya share. Danna kwaɗon yana mayar da ita leya ta yau da kullum, kuma shaidar cewa ana sharewa da gaske ita ce bayyanar ƙananan murabba'ai masu fari da toka. A manhajar GIMP, wadda kyauta ce, ana yin wannan ta Layer, sannan Transparency, sannan Add Alpha Channel.

Abin da Opacity da Flow ke yi

Opacity iyaka ce. Tana faɗin iyakar abin da magogi zai iya cirewa a ja ɗaya, wato daga lokacin da aka danna linzamin kwamfuta zuwa lokacin da aka sake shi. Idan aka sa ta a 50, ko sau goma aka kai aka komo a wuri ɗaya ba tare da ɗaga yatsa ba, rabi kawai zai tafi. Sai an saki an sake dannawa sannan a cire rabin abin da ya rage. Ja na farko ya bar kashi 50 cikin ɗari, na biyu ya bar 25, na uku ya bar 12 da rabi, na huɗu ya bar 6 da 'yan kai. Ido yana daina ganin saura tun kafin ya ƙare, musamman a kan waɗannan murabba'ai masu fari da toka, waɗanda suka iya ɓoye datti. Nan ne asalin hazon da ke fitowa bayan an buga. Ko da Opacity a 90 take, ja ɗaya yana barin kashi 10, wato lambar fiksel ta tsaya a wajen 25 maimakon 0. A fuskar kwamfuta ba komai ba ne. Amma idan tsohon bango mai haske ne, sabon kuma shuɗi mai duhu, wannan kashi 10 zai fito ɓaro-ɓaro.

Akwai aibi na biyu. Duk inda ja biyu suka haɗu, wurin yana samun sharewa sau biyu, gefensa kuma sau ɗaya. Sakamakon shi ne layi-layi masu bambancin duhu a inda ya kamata a ce fili ne fayau.

Flow kuwa gudu ne. Magogi ba ya jan layi a miƙe kamar yadda ido ke gani. Yana ajiye da'irori ne ɗaya bayan ɗaya, suna hawa kan juna. Flow ke faɗin abin da kowace da'ira ɗaya za ta cire. Idan ka ɗauki Opacity a matsayin girman bokiti, Flow shi ne yadda aka buɗe famfo: ko a hankali ruwan ke zuba, in aka daɗe zai cika bokitin, amma ba zai wuce shi ba. Don haka Flow a 10 tare da Opacity a 100 zai iya share wuri ƙarƙaf a ja ɗaya, in dai an yi ta kai-komo a kansa.

Matsalarsa a bakin gefe ita ce rashin daidaito. A saitin da aka saba, kowace da'ira tana nesa da ta bayanta da kwatan faɗinta, ke nan fiksel ɗin da ke tsakiyar hanya da'ira wajen huɗu ne ke bi ta kansa. Da Flow 10, wucewa ɗaya zai cire masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ke can bakin hanya kuwa da'ira ɗaya ko biyu ce ta taɓa shi. Inda hannu ya maimaita, gefe ya cinye sosai. Inda ya wuce sau ɗaya, ya bar saura. Kuma idan bakin magogin mai tauri ne, da'irorin da kansu za su fito a jere ana iya ƙirga su.

Abin takaicin shi ne lambobin nan biyu suna canzawa ba tare da mutum ya sani ba. A Photoshop, muddin magogi ne a hannu, danna lamba 5 yana mayar da Opacity 50, lamba 3 ta mayar da ita 30, sifili kuma ya dawo da ita 100. Haɗa Shift da lamba yana yi wa Flow haka. Yatsa ɗaya da ya kauce ya isa ya ɓata aikin yini. Shi ya sa duba saman fuskar kwamfuta kafin fara yankan gefe ya kamata ya zama al'ada. Mai aiki da alƙalamin zane yana da ƙarin abin dubawa: kusa da Opacity akwai maɓallin da ke sa nauyin hannu ya riƙa juya ta, kuma idan yana kunne, duk inda hannu ya yi sauƙi za a bar saura ko da lambar tana nuna 100.

Hardness, da abokinsa girman baki

Hardness shi ne ke faɗin yadda bakin da'irar yake. A 100, da'irar tana sharewa a cike har kusan bakinta, sai fiksel ɗaya ko makamancin haka da manhajar ke sassautawa don kada gefen ya yi gargada. A 0, ƙarfin yana tsakiya ne kawai, yana raguwa a hankali har ya ɓace. Shift tare da [ yana rage shi da 25, Shift tare da ] yana ƙara shi da 25. Mai son lamba kamar 85 sai ya danna dama a kan hoton ya rubuta ta.

Abin da ba a cika faɗa wa masu koyo ba, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci a wannan fanni, shi ne lambar Hardness ba ta da ma'ana ita kaɗai. Kaso ce ta girman magogin. A ƙiyasce, idan Hardness yana 50, rabin tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'ira da bakinta shi ne mai laushi. Magogi mai faɗin fiksel 200 yana da fiksel 100 daga tsakiya zuwa baki, ke nan laushinsa zai kai wajen fiksel 50. Magogi mai faɗin 20 a kan wannan lamba ɗaya laushinsa wajen fiksel 5 ne kacal. Lambar ba ta canza ba, amma gefen farko ya ninka na biyu laushi sau goma. Saboda haka idan wani ya ce maka kullum ka sa 80, tambayar da ta dace ita ce: da wane girma? Haka kuma duk lokacin da ka danna [ ko ] don rage baki ko ƙara shi a tsakiyar aiki, laushin gefenka ya canza tare da shi.

To, nawa ne laushin da ya dace? Hoton ne ke da amsa. Babu kyamarar da ke ɗaukar gefe mai kaifi ɗari bisa ɗari. Idan ka zuƙo hoto zuwa kashi 300 ko 400 ka dubi inda riga ta rabu da bango, za ka ga launi ba ya tsallakawa lokaci ɗaya. Akwai 'yan fiksel a tsakani da suka gauraya. A inda kyamara ta kama da kyau sukan zama biyu zuwa uku. A inda ya ɗan fita daga saitin kyamara, kamar kafaɗar da ta fi nisa, suna iya kai takwas ko goma. Aikinka shi ne ka ba gefen da ka yanka laushi daidai da wanda hoton ya zo da shi. Idan ka fi shi kaifi, mutum zai fito kamar an liƙa shi. Idan ka fi shi laushi, hazo ne.

Ango a gaban koren bango

A ce an kawo hoton ango da aka ɗauka da waya, faɗinsa fiksel 3000, tsawonsa 4000. Yana sanye da farar babbar riga da hula zanna bukar, yana tsaye a gaban bango mai koren fenti. Ana so a ɗora shi a kan katin gayyata mai launin shuɗi mai duhu.

Da farko a kwafi leyar da Ctrl+J a ɓoye ta asali, domin magogi ba ya mayar da abin da ya ci bayan an rufe fayil. Sannan a saka sabuwar leya a ƙasa a cika ta da ainihin shuɗin da katin zai ɗauka. Wannan mataki ya fi kowane saiti amfani, don a kan launin ƙarshe ne kawai za ka ga abin da mai karɓar kati zai gani. A duba sama: Mode ya kasance Brush, Opacity 100, Flow 100. Akwai wasu zaɓi biyu a Mode, wato Pencil da Block, kuma dukansu ba sa sassauta baki ko kaɗan. Su ne ke haifar da gefe mai tsini-tsini a duk inda layi ya karkace.

Ba da gefe ake farawa da babban magogi ba, kuma ba da ƙarami ake share fili ba. A fara da buɗe hanya kewaye da mutumin. An zuƙo an ga gefen hular yana da gauraye na fiksel uku. Magogi mai faɗin 30 yana da 15 daga tsakiya zuwa baki. Ana son 3 daga ciki su zama masu laushi, wato kashi ɗaya cikin biyar, ke nan Hardness ya zama wajen 80. A gwada a ɗan wuri, a kwatanta da gefen da ba a taɓa ba, a ƙara ko a rage kaɗan. Lissafin yana kai ka kusa ne, ido ke ƙarasawa.

Hannu ba ya iya jan layi mai santsi da linzami, kuma ba a buƙatar ya iya. A danna sau ɗaya a bakin hular, a matsa gaba kaɗan, a riƙe Shift a sake dannawa. Manhajar za ta share miƙaƙƙen layi tsakanin wuraren biyu. A gefen hannun riga da ya sauko a miƙe, tazarar tana iya yin tsawo. A lanƙwasar hula da kunne sai a gajarta ta sosai, har jerin gajerun layukan su zama baka. Wannan dabara tana da wata fa'ida: kowane yanki sau ɗaya ake bi ta kansa. Maimaita bi a kan gefe mai laushi yana cinye laushin, kuma yana tura yankan cikin jikin mutum.

Sai batun inda za a ajiye bakin magogin. Waɗancan fiksel uku da suka gauraya, rabinsu fari ne rabinsu kore. Idan aka tsaya daidai a bayansu don gudun taɓa rigar, za a bar siririn zare kore kewaye da angon, wanda zai fito sosai a kan shuɗi. Daidai shi ne a shiga cikin rigar da fiksel ɗaya ko biyu. A hoto mai faɗin 3000 ba wanda zai san an rage masa kafaɗa da wannan, amma kowa zai ga zaren. A tuna kuma cewa da'irar da ake gani a fuskar kwamfuta ba ita ce iyakar inda magogi mai laushi ke taɓawa ba. A saitin Normal Brush Tip yana ɗan wuce ta. Mai son ganin iyakar gaskiya sai ya zaɓi Full Size Brush Tip a ƙarƙashin Cursors cikin Preferences.

Da aka iso kafaɗar hagu, wadda ta ɗan yi baya, an ga gaurayen ya kai fiksel bakwai. Da wannan magogi mai faɗin 30, sai a sauke Hardness zuwa wajen 50. A kusurwoyi masu matsi, kamar tsakanin wuya da kafaɗa ko tsakanin yatsu, dole a rage baki zuwa 8 ko 10, kuma tunda ƙaramin baki yana ƙara kaifi, sai a sauke Hardness shi ma zuwa 40 ko 50 don laushin ya ci gaba da zama fiksel biyu zuwa uku.

Bayan hanya ta kewaye mutumin, sauran bangon ba ya buƙatar lallashi. A ɗauki magogi mai faɗin 300 da Hardness 100 a kwashe shi. A nan taurin baki kariya ne, domin babban magogi mai laushi yana iya lasar rigar daga nesa ya rage mata cika ba tare da an lura ba, sai an buga a ga shuɗi yana leƙowa ta cikin farin yadi.

Wani lokaci aikin kan tilasta a yanki gefe da babban baki mai tauri, misali doguwar katanga ko gefen mota. A nan ne tazarar da'irori ke nuna kanta. Sunanta Spacing, tana cikin Brush Settings da F5 ke buɗewa. A kan 25, magogi mai faɗin 200 yana barin ƙananan tudu a gefe da zurfinsu ya kai kusan fiksel 3, abin da ido ke gani sarai. Idan aka sauke ta zuwa 10, zurfin yana komawa rabin fiksel. A magogi mai faɗin 20 kuwa ko a kan 25 bai kai rabin fiksel ba, shi ya sa mai aiki da ƙaramin baki bai cika haɗuwa da wannan matsala ba.

Yadda ake kama saura

Kada a yarda da ido shi kaɗai. Hanya mafi sauri ita ce a danna leyar sau biyu a buɗe Layer Style, a kunna Stroke, a ba shi jan launi, kauri fiksel 3, Position a kan Outside. Manhajar za ta zagaye duk wani fiksel da bai ɓace ba da ja. Idan aikin ya yi, jan layi ɗaya siriri ne zai bi jikin angon. Idan akwai saura, za a ga jajayen ɗigogi warwatse a fili, ko wani wuri da layin ya kumbura ya yi nesa da jiki, alamar laushi ya yi yawa a nan. A share su, a kashe Stroke ɗin. Idan zaren tsohon launi ya rage a ko'ina daidai wa daida, Defringe da ke ƙarƙashin Layer, sannan Matting, da fiksel 1 ko 2 yakan gyara shi. Inda kuma magogi ya ci jiki, riƙe Alt yayin sharewa yana dawo da abin da aka goge daga hoton da aka buɗe, muddin ba a canza girman hoton ba.

Rage Opacity da Flow yana da wurinsa, sai dai ba a gefe mai ƙarfi ba. Idan amarya ce da siririn mayafi da ake hango bango ta cikinsa, ko inuwar da ake so ta ɓace a hankali a ƙasan takalmi, nan ne ake so fiksel su tsaya a tsaka-tsaki. Babban baki, Hardness 0, Flow tsakanin 5 da 10, Opacity a bar ta 100, a riƙa bi a hankali ana kallo. Na fi son rage Flow a kan rage Opacity a irin wannan aiki, saboda yana taruwa a hankali cikin ja ɗaya ba tare da barin layin haɗuwa ba. Amma a sani cewa launin tsohon bango yana nan cikin mayafin. Rage cikarsa ba ya cire koren, sai an gyara launin dabam.

Gashi da gemu da ba a taje ba sun fi ƙarfin wannan magogi, ko yaya aka saita shi. Silin gashi bai kai faɗin fiksel biyu ba a yawancin hotuna, kuma bango yana ratsa tsakaninsu. Wannan aikin Select and Mask ne ko Background Eraser Tool, waɗanda ke rarrabewa ta launi. Ƙwararru da yawa ma sun fi son yin duk yankan a kan Layer Mask, inda baƙin fenti ke ɓoyewa fari kuma ya dawo da abin da aka ɓoye. Lissafin Hardness da girma, da ƙa'idar barin Opacity da Flow a kan 100, duk suna aiki a can ba tare da canji ba.

Idan an gama, a ajiye aikin a matsayin PSD, a fitar da kwafi a matsayin PNG. Tsarin JPEG ba ya riƙe lambar da ke faɗin yadda ake ganin fiksel, don haka yana cike duk inda aka share da launi, galibi fari, kuma yana gauraya gefen mai laushi da wannan farin. Idan kuma za a rage girman hoton don ya shiga katin, a yi yankan tun yana babba sannan a rage, domin laushin fiksel uku a hoto mai faɗin 3000 yana komawa fiksel ɗaya idan aka mayar da shi 1000.